Shafin makaranta: Wix ko WordPress ga wanda bai san kan harkar ba?

Malam Sagiru: Assalamu alaikum jama'a. Shugabar makarantarmu ta ce a yi wa makaranta shafin intanet kafin a fara ɗaukar sababbin ɗalibai. Firamare ce mai zaman kanta, da islamiyya da yamma. Abin da ake so bai da yawa: bayanin makaranta, hotuna, fom na neman gurbi, wurin sanarwa, da maballin da iyaye za su danna su yi mana magana ta WhatsApp. Nan gaba ana so iyaye su riƙa biyan kuɗin makaranta ta shafin. Ba mu da mai ilimin kwamfuta, ni ɗin da aka ɗora wa aikin iyakata buga jarrabawa. Wasu sun ce Wix, wai ja kawai kake ka ajiye. Wasu sun ce WordPress. Wanne zan kama?

Nazifi: Wa alaikumus salam. Malam, WordPress ba tare da dogon tunani ba. Kyauta ne, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da shi aka yi su. Wix na masu wasa ne.

Kabiru Mai Zane: Nazifi, kyauta a ina? Manhajar ce kyauta. Ina za ka ajiye ta? Sai ka kama hostin, wato hayar wurin ajiye shafi a intanet, ka sayi domen, wato adireshin shafin, kuma duk shekara sai ka sabunta. Sannan mutum ya ce maka iyakarsa buga jarrabawa, kai kuma ka tura shi cikin cPanel, allon sarrafa hostin.

Nazifi: Ai akwai WordPress.com, can ba ka biyan komai.

Zuwaira: Wa alaikumus salam Malam Sagiru. Bari a fara raba wannan, don nan mutane da yawa ke ruɗewa. Abu biyu ne masu suna ɗaya. WordPress.org manhaja ce da kake ɗorawa a kan hostin ɗin da ka kama da kanka, komai a hannunka yake, har da wahalarsa. WordPress.com kuwa kamfanin Automattic ne ke riƙe da shi, su suke kula da saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, don haka a ɗabi'a ya fi kusa da Wix. Tsarinsu na kyauta ba ya bari ka sa fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi, adireshinka zai ƙare da wordpress.com, kuma za su sa tallarsu. Idan mutane suna yabon WordPress cewa yana yin komai, na farkon suke nufi.

Ni kuma ba zan auna su da sauƙin ranar farko ba. A ranar farko Wix ya ci, babu musu. Tambayoyin da za ka kai wa Hajiya shugaba biyu ne. Wa zai riƙa leƙa shafin nan duk wata bayan an gama shi? Kuma ranar da kuka so tashi, me za ku iya ɗauka ku tafi da shi?

Kabiru Mai Zane: To ni bari in faɗi yadda ranar farkon take, tunda ita Malam zai fara fuskanta. A Wix ka buɗe asusu da imel, ka zaɓi tamfilet na makaranta, wato shafin da aka riga aka tsara, ka danna rubutun da ke ciki ka maye shi da naka, ka danna hoto ka sa naku. Fom yana nan a shirye, ka jawo shi ka ajiye inda kake so. Ka danna Publish, shafi ya fito. Idan rubutu da hotuna suna hannu, yini biyu sun isa shafuka biyar. Makullin tsaro na https da sabunta manhaja duk su ke yi, ba ruwanka.

Amma abu biyu ka kiyaye. Na farko, ka natsu wajen zaɓen tamfilet, don a editan Wix da aka saba idan ka gina a kan ɗaya ba ka sauya shi da wani, sai dai ka buɗe sabon shafi ka sake kwashe kaya da hannu. Na biyu shi ne wanda ya fi kayar da sababbi: abin da ka tsara a fuskar kwamfuta ba shi ne daidai abin da zai fito a waya ba. Akwai alamar waya a saman edita, sai ka danna ta ka gyara fuskar waya daban. Duk lokacin da ka ƙara wani abu a ta kwamfuta, ka koma ta waya ka duba, don sau da yawa za ka tarar da sabon ya faɗa can ƙasa, ko an bar fili fetal tsakanin hoto da rubutu. Iyayen yara kuwa kusan duk da waya za su shiga.

Alhaji Tasi'u: Ni fa ban ga abin wahala ba. A buɗe musu shafi a Facebook mana, ai shi ma shafi ne. Jikana ya buɗe wa shagonmu cikin minti goma.

Malam Sagiru: Ranka ya daɗe, muna da na Facebook. Hajiya tana son wanda za a buga adireshinsa a kan allon makaranta da takardar sakamako, mai sunan makarantar kanta.

Alhaji Tasi'u: To madalla. Allah ya taimaka.

Zuwaira: Abin da Kabiru ya faɗa daidai ne, sai dai a ƙara da cewa tsarin Wix na kyauta ba zai ba ku wannan adireshin ba. Zai fito da wixsite.com a cikinsa, da tallar Wix a sama. Haɗa domen naku sai an biya.

Ranar farko ta WordPress kuma ba ta kai yadda ake tsoratarwa ba. Yawancin masu hostin suna da Softaculous a cikin cPanel, ka danna WordPress, ka cike suna da kalmar sirri, cikin minti biyar an ɗora. Kada ka sa admin a matsayin sunan shiga, shi masu kutse ke fara gwadawa. Daga nan ka shiga Settings, ka je Permalinks, ka zaɓi Post name. Ka leƙa Settings, Reading, ka tabbata ba a bar alama a kan Discourage search engines from indexing this site ba, don akwai shafukan da ke yin watanni Google bai nuna su ba saboda wannan ɗan akwatin. Inda sabon shiga ke tsayawa shi ne bayan nan. Allon da zai gani bai yi kama da shafin da yake son ginawa ba, sai ya fahimci bambancin Pages da Posts, ya zaɓi jigo, wato kamannin shafin, ya haɗa jerin maballan sama. A ba shi mako guda zuwa biyu yana yi da yamma bayan an tashi.

Nazifi: Ai sai ya sa Elementor, shi ma ja-ka-ajiye ne. Ka ga an haɗa biyu a ɗaya ke nan, sauƙin Wix da 'yancin WordPress.

Zuwaira: Rabin maganar gaskiya ne. Ja-ka-ajiye ne, amma bai sauke maka nauyin kula ba, ƙara shi ma ya yi, tunda shi ma fulogin ne da ke neman sabuntawa, kuma mutane kan ɗora masa wasu ƙarin fulogin uku ko huɗu. Sannan ranar da ka kashe shi, rubutu da hotuna za su rage amma tsarin shafin ya rushe. Shafuka biyar na makaranta, editan da ke zuwa da WordPress tun 2018 ya ishe su.

Bari in ba da misalin abin da nake nufi da kula, don a nan gizo ke saƙa. Wata uku bayan an gama, Malam Sagiru ya shiga ya ga jan lamba tana cewa abubuwa shida na jiran sabuntawa. Ya zaɓe su duka ya danna lokaci guda. Shafi ya ɗauke, sai farin allo da wannan rubutu:

```
There has been a critical error on this website.
```

Ba kutse ba ne, kuma ba abin da ya ɓace. Yawanci wani fulogin ne sabon zubinsa bai jitu da jigon ba, ko da zubin PHP da ke kan saba, wato harshen da WordPress ke aiki da shi. Tun 2019 WordPress kan aika saƙo zuwa imel ɗin mai kula, da sunan fulogin ɗin da ya jawo, da mahaɗin shiga na gaggawa don a kashe shi. Idan saƙon bai zo ba, sai a shiga cPanel, File Manager, a nemo jakar fulogin ɗin a sauya mata suna:

```
wp-content/plugins/suna  →  wp-content/plugins/suna-kashe
```

Da WordPress ya neme ta bai gani ba, zai kashe fulogin ɗin, shafi ya dawo. In ba a san wanne ba ne, a sauya sunan jakar plugins gaba ɗaya, a shiga a buɗe shafin Plugins, a mayar da sunan, sannan a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana. Ga wanda ya sani, aikin minti goma ne. Ga wanda bai sani ba, shafi na iya kwana bakwai a rufe, a makon da iyaye ke neman fom. A Wix ko takwaransa Squarespace wannan matsalar ba ta zuwa hannunka sam, kuma kuɗin da kake biyan su ke nan.

Malam Sagiru: Malama, to idan na ƙi danna sabuntawar fa? A bar shi yadda yake tunda yana aiki.

Zuwaira: Wannan ya fi haɗari, Malam. Mafi yawan kutsen da ake yi wa shafukan WordPress ta tsofaffin fulogin ake shiga, kuma ba mutum ne ke zaune yana neman makarantarku ba, na'urori ne ke zagaye suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Alamarsa ita ce ka nemi sunan makaranta a Google ka ga tallar caca ko magunguna a ƙarƙashinsa, ko mai shiga ta waya a wuce da shi wani shafi daban alhali kai a kwamfuta kana ganin komai lafiya. Ƙa'idar ita ce fulogin kaɗan, huɗu ko biyar. Ka sa UpdraftPlus ya riƙa ajiye kwafin shafin a Google Drive duk mako, ka ɗauki kwafi kafin kowace sabuntawa, sannan ka sabunta ɗaya ɗaya kana duba shafin a tsakani. Minti talatin ne a wata. Jigon kuɗi da aka fasa ana rabawa kyauta a Telegram kuwa, kada ya kusanci shafin, sau da yawa da ƙofar ɓarawo a cikinsa yake zuwa.

Maman Hanif: Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Turaren wuta nake sayarwa. Wani yaro ya yi min shafi shekara biyu da suka wuce, yanzu ya bar gari, wayarsa ba ta shiga, shafin kuma ya daina buɗewa. Ban ma san da wanne ya yi ba. Za a iya dawo da shi?

Zuwaira: Maman Hanif, da imel ɗin wa aka sayi domen ɗin? In da naki ne, ki nemi saƙonnin kamfanin a akwatinki, wataƙila wa'adi ne ya ƙare, kuma akan ba da ɗan lokaci a fanshe shi. In da nasa ne, a wurin kamfanin shi ne mai shi, sai an same shi ko a sayi wani suna. Ki turo min adireshin ta gefe in duba ranar ƙarewarsa.

Malam Sagiru, ka ga darasin da ya shafe ku a nan. Ko wanne kuka zaɓa, a buɗe imel na makaranta, da shi za a sayi domen, lambar wayar Hajiya ce za ta zama ta dawo da asusu. Kuma ni na fi son a sayi domen daban, ba a wurin mai ginin shafin ba. Idan .com.ng ko .sch.ng kuke so, wurin masu rajista da NiRA, mai kula da domen na .ng, ta amince da su za ku je, sannan a nuna wa domen ɗin inda shafin yake. Haɗin kan ɗauki har awa 48 kafin ya kama ko'ina, kada ka ga bai buɗe ba da yamma ka shiga sake taɓa saitin.

Kabiru Mai Zane: Amma Wix na ba da domen kyauta na shekara guda idan ka biya na shekara. Me zai sa a bar kyauta?

Zuwaira: Shekarar farko ce kawai, daga nan da dala za a sabunta. Ana iya fitar da shi, amma sabon domen sai ya yi kwana 60 kafin a iya mayar da shi wani kamfani, kuma ƙarin aiki ne ga wanda bai saba ba. In yana waje tun farko, ranar tashi saiti biyu ko uku kawai za a sauya.

Tashin kuwa shi ne tambayata ta biyu. Wix gidan haya ne mai kayan ɗaki. Za ka iya fitar da jerin sunayen waɗanda suka cike fom, ka sauke hotunanka, ka kwafe rubutu, amma shafin kansa ba ya fita, don a kan sabarsu kawai yake aiki. Squarespace na ba da fayil da WordPress ke karɓa, sai dai ba komai yake ɗaukowa ba, kuma tsarin ba ya biyo shi. WordPress kuwa jakar fayiloli ce da rumbun bayanai, ka kwashe su ka kai wani hostin, shafi ya tashi yadda yake.

Kabiru Mai Zane: Malama, shafuka biyar fa ake magana. In sun tashi, sake gina su yini biyu ne. Wannan tsoron na mai rubutu ɗari biyar ne ko mai kanti da kaya dubu.

Zuwaira: Na yarda da kai a nan. Ga shafuka biyar, ɗaurin bai da zafi. Zai fara zafi ne idan sanarwa da hotunan bikin yaye ɗalibai suka taru shekara uku.

Malam Sagiru: To kuɗi fa? Shi Hajiya za ta fara tambaya.

Zuwaira: Farashi na sauyawa, kuma ya danganta da ƙasar da ka shiga, don haka ka duba abin da ya fito maka. Amma ga yadda za ka yi lissafin. Mu ƙaddara ƙaramin tsarin da ke cire talla dala 17 ne a wata. Sau 12, dala 204. In dala tana naira 1,500, naira 306,000 ke nan a shekara. Ka lura farashin da suke nunawa da manyan baƙaƙe na wanda ya biya shekara a dunƙule ne, mai biya wata-wata ya fi haka. Kuma ka tuna a farkon 2023 dala a hukumance ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi kasafi da naira ya ga kuɗin shafinsa ya ninka uku ba tare da an ƙara masa komai ba. Ga kuma batun kati: an yi lokacin da katunan naira ba sa biyan dala, ka tambayi bankinku iyakar da suka sa kafin ka fara.

Hostin na gida da naira ake biya, ƙaramin tsari bai kusa da wancan adadin ba. Amma kada ka kai wa Hajiya wannan lambar ita kaɗai. Ka ɗora ladan wanda za a kira idan farin allon nan ya fito, a yi yarjejeniya da shi ta shekara, a rubuce. In an haɗa, tazarar na raguwa.

Nazifi: Amma har yanzu WordPress ya fi araha. Na faɗa tun farko.

Kabiru Mai Zane: Idan akwai mai kula. In babu, arahar ba ta ado.

Lawali Damagaram: Gaisuwa daga Nijar. Ba wanda ya ambaci Google Sites. Kyauta ne, ba talla, ana haɗa shi da domen, a sa Google Forms a ciki, amsoshi su taru a tebur. Ba shi da ado sosai kuma ba ya karɓar kuɗi, amma abin da Malam ya lissafa na yanzu duk zai yi. In dai fom ɗin zai nemi a ɗora hoton yaro, sai uba ya shiga da asusun Google, wannan na iya tsayar da wasu.

Sannan wani abu da ya shafe mu duka. In za ku yi rubutu da Hausa, ku gwada baƙaƙe masu lanƙwasa kafin ku zaɓi salon rubutu. Salo da yawa ba su da ɗ da ƙ da ɓ, balle ƴ da muke rubutawa a nan. Sai ka ga kalma ɗaya harafi guda ya fita daban, ya fi sauran kauri ko siranta, wani lokaci ma akwati ne ke fitowa. Ka rubuta "Ɗalibai ƙanana sun ɓoye" a babban take da cikin rubutu, ka duba a waya biyu mabambanta. Noto Sans da Andika suna da su.

Zuwaira: Wannan shawara ce mai kyau, Malam Lawali, duka biyun. Google Sites ɗin ma ya fi dacewa da zangon nan fiye da yadda na so in amsa. Maballin WhatsApp kuma a kowanne mahaɗi ne kawai, lamba ba sifilin farko ba alamar tarawa:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX
```

Hotuna ma a rage su kafin a ɗora, ko ina ne. Hoton waya kan kai megabait 4, ashirin a shafi ɗaya megabait 80 ne idan ba a matse su ba. Faɗin fiksel 1600 ya isa, kowanne ya dawo wajen kilobait 200 zuwa 300.

Inda ban sauka ba shi ne biyan kuɗin makaranta. Squarespace ya fi dogara da Stripe da PayPal, ban ba ku shawararsa a nan ba. A WordPress akwai fulogin na Paystack da na Flutterwave, kuma nan ne ya fi ba da sarari idan ana son kowane aji da kuɗinsa, da lambar ɗalibi a kan rasit.

Kabiru Mai Zane: Paystack na aiki da Wix ma, sai dai a tsarin da ke karɓar kuɗi, wanda ya fi tsada. Kuma ba dole sai a cikin shafin ba. A Paystack ana yin shafin biya mai mahaɗinsa, ka sa maballi ya kai iyaye can. Ko a Google Sites zai yi.

Zuwaira: Zai karɓi kuɗi, amma wa zai daidaita wanda ya biya da sunan yaro idan uba ɗaya na da yara huɗu a aji huɗu, ya biya rabi?

Kabiru Mai Zane: Akawun makaranta, yadda yake yi yanzu da rasit ɗin banki. A ƙara gurbin sunan ɗalibi da aji a shafin biyan.

Zuwaira: Ɗalibai nawa ne, Malam Sagiru? In ɗari biyu ne, maganar Kabiru ta zauna. In sun doshi dubu, ba shafi kuke nema ba, manhajar kula da makaranta ce, wannan kuma wata magana ce.

Malam Sagiru: Muna wajen 340 har da 'yan islamiyya. Akwai ƙanin wata malamarmu da ke karatun kwamfuta, amma zai tafi bautar ƙasa baɗi. Gobe zan sa a buɗe imel ɗin makaranta a sayi domen tukuna. Idan muka tafi WordPress, zan iya hana Hajiya taɓa wurin sabuntawar nan? Tana son ta riƙa sa sanarwa da kanta.

Zuwaira: Ka buɗe mata asusu a Users, ka ba ta matsayin Editor. Za ta rubuta, ta gyara, ta sa hoto, amma ba za ta ga fulogin ko saiti ba. Asusun Administrator kuma a rubuta kalmar sirrinsa a ajiye a ofishinta, kada ya zauna a wayar ɗalibin shi kaɗai.

Nazifi: Malam, in kun tsaya a WordPress ɗin ku neme ni, zan ɗora muku.

Kabiru Mai Zane: Kai ma ba baɗi za ka tafi ba?